Taswirar Evans: layin da ke nuna ranar da inji zai fara rawa

Idan ka taɓa tsayawa kusa da janareta a kasuwar Bukkuyum ko Gummi, ƙila ka ji wani yana "numfashi": ƙara ta hau, ta sauko, ta sake hawa, fitila na bin ta. Gwamnan injin ne ke gyara gudu, amma yana wuce gona da iri. Wannan ciwo tsoho ne. Tun 1868 James Clerk Maxwell ya nuna cewa amsar tana cikin saiwoyin wani lissafi, wato ƙimomin s da ke mai da shi sifili. A zana su a takarda: saiwar da ke hagu, girgizarta mutuwa take yi, wadda ta tsallaka dama, girgizarta girma take yi.

To, matsalar ita ce da zarar ka taɓa ƙarfin gyara, wanda ake kira K, saiwoyin sun gusa, sai sabon lissafi da hannu. A 1948 Walter Evans, injiniya a kamfanin jiragen sama na North American Aviation a Kalifoniya, ya wallafa mafita, ya faɗaɗa ta a 1950. Maimakon a warware lissafin sau ɗari, a zana hanyar da saiwoyin ke bi yayin da K ke tashi daga sifili. Sunanta rut lokas.

Ka'idojinsa kaɗan ne. Fol shi ne ƙimar s da ke mai da ƙasan lissafin sifili, ziro kuma mai mai da samansa sifili. Kowane reshe daga fol yake tashi, ya ƙare a ziro, in babu ziro ya tafi nesa abinsa. A kan layin kwance kuwa, wuri yana cikin taswirar ne kawai idan fol da ziro da ke damansa adadinsu mara ne, kamar ɗaya ko uku.

Bari mu gwada da mota mai juya wani abu zuwa inda ake so:

`K / [s(s+2)]`

Fol biyu ne, a 0 da −2. Suna tahowa juna, su haɗu a −1 lokacin da K ya kai 1, sannan ɗaya ya miƙe sama, ɗaya ƙasa. Ƙara K yadda ka ga dama, injin zai yi 'yar girgiza, amma ba zai tsallaka dama ba.

Yanzu ƙara fol a −4. A zahiri wannan jinkiri ne, kamar na'urar auna gudu mai nawa wajen kawo labari.

`K / [s(s+2)(s+4)]`

Rassa sun zama uku. Na ukun ya gudu hagu, ba ruwanmu da shi. Sauran biyun ne abin kallo: wurin rabuwarsu ya matsa zuwa kusan −0.85, kuma maimakon su miƙe, sun karkata dama, suna bin layuka masu kwanar digiri 60 da suka taso daga −2. (Wannan −2 ɗin jimlar fol ɗin ce, −6, aka raba uku.) Da K ya kai 48 sai su taɓa iyaka. A nan girgiza ba ta mutuwa, kowane zagaye daƙiƙa biyu da 'yan kai. Haura 48, sai abin da Allah ya yi. Ka lura, fol ɗin da muka ƙara can hagu yake zaune lafiya lau, amma ya ingiza maƙwabtansa waje. A ganina wannan shi ne abu mafi daraja da taswirar ke nunawa, kuma ba ka ganinsa a jerin lambobi.

Cire fol ɗin, sa ziro a gurbinsa:

`K(s+4) / [s(s+2)]`

Sai labari ya juye. Rassan sun rabu a kusan −1.17, sun lanƙwasa hagu, sun zagaye ziron cikin da'ira mai cibiya a −4, sun dawo layin kwance a kusan −6.83. Ɗaya ya nufi ziron, ɗaya ya ci gaba hagu. Ziro yana janyo reshe ne domin yana sa mai gyaran ya duba saurin da kuskure ke canzawa, ya fara taka birki da wuri. Sai dai ba kyauta ba ne: duk 'yar hayaniyar da ke cikin waya shi ma kambama ta yake yi. Shi ya sa a aikace ake haɗa shi da wani fol da za a ajiye can nesa a hagu.

Inda rassan suka bar layin kwance, Evans gwaji yake yi: daga ɗigon da kake zato, auna kwanar kowane fol da ziro, ka cire na fol daga na ziro; in ya ba da digiri 180, ɗigon yana kan hanya. Don sauƙaƙe wannan ya ƙera Spirule, faifan roba mai hannu da ke tara kwanoni, ya kuma kafa kamfanin sayar da shi. Yau ɗalibin injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya zai buga `rlocus` a MATLAB, zanen ya fito nan take. Amma kwamfuta abin da ka ba ta take zanawa. In ka manta fol ɗin −4, za ta nuna maka layin da ba ya tsallakawa, ka sa K a 60, injin ya kama rawa.