Sa hannun dijital da lambar tantance saƙo

Sa hannun dijital da lambar tantance saƙo (MAC) hanyoyi biyu ne na ilimin ɓoye bayanai da ke tabbatar da asalin saƙo da kuma cewa ba a sauya shi a hanya ba. Bambancinsu yana ga mabuɗin da kowanne ke amfani da shi.

MAC na aiki da mabuɗin sirri ɗaya da mai aikawa da mai karɓa suka riƙe tare. Fitaccen misalinsa shi ne HMAC, wanda Mihir Bellare da Ran Canetti da Hugo Krawczyk suka wallafa a 1996. Mai karɓa na iya gamsuwa cewa saƙon ya fito daga abokin hulɗarsa, amma ba zai iya gamsar da alƙali ba, domin shi ma yana iya ƙirƙirar lambar. Idan banki da ɗan kasuwa suka yi jayayya kan umarnin biyan kuɗi, MAC ba zai raba gardamar ba.

Sa hannun dijital kuwa yana da mabuɗi biyu: na sirri da mai shi kaɗai ke sa hannu da shi, da na fili da kowa ke tantancewa da shi. Whitfield Diffie da Martin Hellman ne suka bayyana tunaninsa a 1976, tsarin RSA kuma ya biyo baya a 1977. Sa hannun yana zama hujja ga kowa, muddin ba a sace mabuɗin sirrin ba, kuma an tabbatar da mamallakin na filin, galibi ta takardar shaidar dijital.