Uku-uku ko Huɗu-huɗu: Yadda Oktal Ya Bar wa Heksadesimal Fili

Mu da muka daɗe muna koyar da kimiyyar kwamfuta mun saba da hoton da ɗalibi kan ɗauko daga littafin aikinsa ya turo ta waya. Jerin sifiri da ɗaya ne, an yayyanka shi da ƴan layukan biro, wani layi uku-uku, wani huɗu-huɗu. Yawancin ɗalibai sun ɗauka dabarar cin jarrabawa ce. Amma waɗannan layukan, injinan da aka yi aiki da su ne suka haifar da su.

Kwamfuta da bainari take aiki, wato sifiri da ɗaya, kowane ɗaya ana kiransa bit. Masu aiki da injinan farko sukan karanta waɗannan lambobi a jikin fitilu, su shigar da su da maɓallai, kuma idon mutum ba ya iya riƙe jeri mai tsawo ba tare da ya ɓata ba. Sai aka nemi gajeriyar hanya. Bit uku suna ba da yanayi takwas, daga 0 zuwa 7, don haka kowane rukunin uku yana zama lamba ɗaya ta oktal. Wannan ya dace da injinan lokacin. IBM 7090 tana ɗaukar bit 36 a tashi ɗaya, wato lambobin oktal goma sha biyu cif. PDP-8 ta 1965 tana da bit 12, lambobi huɗu ke nan.

Abin ya sauya da IBM ta sanar da System/360 a 1964, wadda ta kafa bayit mai bit takwas. Takwas ba ya rabuwa uku-uku, amma yana rabuwa gida biyu, huɗu-huɗu. Bit huɗu suna ba da yanayi goma sha shida, shi ya sa aka ari haruffan A zuwa F su tsaya wa 10 zuwa 15. Daga nan heksadesimal ya fara cin kasuwa.

Ga irin aikin da hoton kan nuna, da lamba 11010110:

```
11 010 110  =  326
1101 0110   =  D6
```

A layin farko an fara yanka daga dama. 110 shi ne 6, 010 shi ne 2, sai bit biyu da suka rage, 11, aka ƙara musu sifiri a hagu suka zama 3. A layi na biyu 0110 shi ne 6, 1101 kuma 13, wato D. Duka biyun 214 ne a lissafinmu na yau da kullum: uku sau 64, a ƙara 16 da 6, ko 13 sau 16, a ƙara 6.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne fara yanka daga hagu, yadda hannu ya saba da rubutun boko. Sai a samu 110, 101, 10, a rubuta 652. Ana gane wannan tun kafin a yi lissafi, domin mafi girman abin da bit takwas za su ɗauka shi ne 377 a oktal. Duk amsar bayit ɗaya mai lambobi uku da ta fara da abin da ya wuce 3, to an yanka ta baibai. Hoton kansa ma yana kawo tasa matsalar. In kyamara ta datse bit ɗaya a gefen dama, duk rukunonin sun goce, shi ya sa nake ƙirga bit ɗin kafin in duba amsa.

Inda oktal ya fi wahalar da masu sana'ar shi ne a kan PDP-11 ta 1970. Injin mai bit 16 ne, amma takardunsa da oktal aka rubuta su. A jera bayit ɗinmu sau biyu, heksadesimal zai ba da D6D6, kowa ya ga abu ɗaya ne aka maimaita. Oktal kuwa 153326 zai bayar. Bayit na dama ya fito a 326, na hagu ya ɓace, saboda rukuni na uku daga dama ya haɗa bit biyu na bayit ɗin dama da ɗaya na bayit ɗin hagu. Mai neman kuskure a cikin ma'adanar inji sai ya sake warware lambar zuwa bainari kafin ya ga abin da ke ciki.

Duk da haka oktal bai mutu ba, ya tsaya inda abubuwa suke zuwa uku-uku. A Unix da Linux, izinin fayil uku ne: karantawa, rubutawa, gudanarwa. Umarnin chmod 755 yana nufin 111 101 101, wato mai fayil yana da duka ukun, sauran mutane su karanta su gudanar amma ban da rubutu. Ga ɗalibin da ya tambaya wanne zai yi amfani da shi, amsata ita ce ya fara duba yadda bit ɗin suke a jere a cikin abin da ke gabansa. In bayit ne, ya yanka huɗu-huɗu. In izinin fayil ne, uku-uku, kuma a lamba cikakkiya kullum daga dama.