Yadda ake gane matsalar haske da launi a bidiyon waya daga bayani a rubuce

Sau da yawa mutumin da ya ɗauki bidiyo da wayar salula ba ya iya aika shi ga wanda zai ba shi shawara, ko dai saboda nauyin bidiyon da tsadar data, ko kuma saboda akwai iyali a ciki. Sai ya rubuta abin da yake gani, ya nemi magani.

Ko da an aika ma, manhajoji irin su WhatsApp kan matse bidiyo, ta yadda wani ɓangare na abin da ake son dubawa kan ɓace a hanya.

Mai sana'ar ɗaukar hoto na iya gano matsala daga rubutu kaɗai, amma sai idan rubutun ya faɗi inda aka yi ɗaukar da irin hasken wurin. Jimla irin "hoton ya yi duhu" ba ta isa ba, domin aƙalla abubuwa uku ne ke jawo hakan: ƙarancin haske a ɗakin, ko taga a bayan wanda ake ɗauka, ko kuma farin kaya da suka cika hoton. Kowanne da maganinsa.

Farin abu shi ne ma'auni

Sunayen launuka kan rikita magana. Abin da wani zai kira ja, wani ruwan ɗorawa zai ce, kuma ba kowa ke raba kore da shuɗi a wuri ɗaya ba.

Saboda haka tambayar farko da ƙwararre kan yi ita ce: akwai wani abu a cikin hoton da aka tabbatar fari ne, kamar takarda ko bango ko hula, kuma wane launi ya koma?

Dalili shi ne kowane haske yana da nasa launi, wanda ake aunawa da ma'aunin Kelvin. Ƙwan lantarki mai jan haske yana wajen 2,700, hasken rana da tsakar rana kimanin 5,500, inuwa da ranar hadari kuwa sukan haura 6,500. Idon mutum na sabawa da waɗannan ba tare da ya lura ba. Ita kuwa waya kintata take yi, kuma takan yi kuskure.

Misalin mai sayar da shadda

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari da ke Kano, wanda ke ɗaukar bidiyon kayansa yana aika wa masu saye a wasu garuruwa. Ya rubuta cewa farar shadda na fitowa da ruwan ɗorawa, fuskar yaron da ke riƙe da ita ta yi duhu, sannan wasu layuka na yawo a hoton. Ga ɗan kasuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ya sayi kaya bisa launin da ya gani zai iya dawo da su.

Da aka ƙara tambayarsa, sai ya bayyana cewa da rana ake ɗauka, ƙofar shagon na gefen hagu a buɗe, kuma akwai ƙwai mai jan haske a sama. Ya kuma lura cewa gefen shaddar da ke kusa da ƙofa ya ɗan yi shuɗi-shuɗi, na cikin shago ne ya yi ɗorawa.

Wannan bayani na ƙarshe shi ya warware batun. Da a ce shaddar gaba ɗaya ce ta sauya zuwa launi ɗaya, da sai a shiga tsarin Pro da ke cikin kyamarar wayoyin Android da dama, a taɓa WB, a rage lambar idan hoton ya yi ɗorawa, a ƙara ta idan ya yi shuɗi.

Amma launi biyu a kan yadi ɗaya na nufin haske biyu ne suka haɗu, kuma babu wata lamba guda da za ta daidaita su. Idan aka gyara gefe ɗaya, ɗayan zai ƙara lalacewa. Maganin yana cikin shagon ne: a kashe ƙwan, a matso da shaddar bakin ƙofa inda rana ba ta dukanta kai tsaye, mai ɗauka ya tsaya ta yadda hasken zai sauka a gaban yadin.

Duhun fuskar yaron kuma daga shaddar ne. Idan fari ya cika hoto, waya kan ɗauka haske ya yi yawa, sai ta rage, farin ya koma toka-toka, baƙar fata kuma ta nutse. Ana taɓa fuskar a kan allon wayar, a ƙara haske kaɗan-kaɗan har zanen shaddar ya fara ɓacewa, sannan a ɗan koma baya. A wayar iPhone, idan aka danne wurin da yatsa na ɗan lokaci, rubutun AE/AF Lock zai bayyana, alamar cewa hasken ba zai riƙa sauyawa ba.

Layukan da ke yawo

A nan abin da ake tambaya shi ne ko layukan na ɓacewa idan aka fita waje. In sun ɓace, to daga fitila ne, wayar lafiyarta ƙalau.

Wutar lantarki a Najeriya da Nijar da Ghana na juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka fitilu da yawa, musamman masu araha, na ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa. Akasarin wayoyi kuwa na zuwa ne a kan ɗaukar hoto 30 ko 60 a daƙiƙa, lissafin da ya dace da ƙasashe masu 60, irin su Amurka da Saudiyya.

Ana mayar da wayar kan hoto 25 a daƙiƙa, idan kuma tana ba da dama a sa saurin ɗauka a 1/50 ko 1/100. A iPhone ana samun 25 ɗin ne bayan an kunna Show PAL Formats a saitin kyamara. Sai dai idan da ƙaramin janareta ake aiki, juyin wutarsa ba ya tsayawa daram, kuma layukan na iya dawowa duk da gyaran.

Inda rubutu ke gazawa

Wanda ya rubuta bayanin abin da allon wayarsa ya nuna masa ya faɗa. Idan ya kunna tsarin kare ido da dare, wanda iPhone ke kira Night Shift, komai zai yi ɗorawa alhali bidiyon ba shi da aibi. Shi ya sa akan nemi ya kalla a wata wayar kafin a taɓa komai.

Haka nan ƙorafin cewa bidiyo ya yi kyau a waya amma ya koɗe a kwamfuta. Tun daga iPhone 12 da ta fito a shekarar 2020, wayoyin kamfanin Apple na ɗauka da tsarin HDR, wanda ba kowace manhajar tace bidiyo ke karanta shi daidai ba. Kashe HDR Video kafin ɗauka kan kawar da matsalar.

Rubutu na iya nuna ɓangaren da za a karkata, wato a ƙara ko a rage, amma ba ya faɗin adadi. Mai ba da shawarar da ya ce a sa lamba kaza daidai, alhali bai ga hoton ba, hasashe kawai yake yi.

Akwai kuma abin da ba ya gyaruwa bayan ɗauka. Idan mai bayani ya ce aikin da ke wuyan babbar riga ya ɓace, wurin ya zama fari fat, to wayar ba ta adana komai a nan ba, kuma rage haske a manhaja toka kawai zai mayar da shi. Sai dai a sake ɗauka.