Mi ya sa ƙurajen leɓe ke dawowa?

Ƙurajen da muke cewa na masassara, ƙwayar cutar harfes ke kawo su. In ta shiga jiki ba ta fita, sai ta ɓuya cikin jijiya. Masassara, zafin rana, gajiya ko jinin al'ada ke tada ta.

Suna warkewa cikin kwana 7 zuwa 10. Gaskiya, dabarun gida zafi suke ragewa fiye da kwanaki: tsumma mai sanyi, da man kaɗe don kada leɓe ya tsage. A bar ɓamɓare su. Man asikulobir na farmasi yana ɗan rage kwanaki, in an shafa tun ana jin ƙaiƙayi, sau 5 a yini.

Mai ƙurajen kada ya sumbaci jariri. In sun kusanci ido, a tafi likita.