Bakan mitar sauti: yadda ake gane kaifi da dusashewa

Allon bakan mita, kamar Plot Spectrum na manhajar Audacity, yana jera mitoci daga hagu zuwa dama, 20 zuwa 20,000 Hz, tsawon layi kuma yana nuna ƙarfinsu. A muryar da aka naɗa, siririn tsini da ke maƙale wuri guda tsakanin 2,000 da 5,000 Hz, ko da kalmomi sun canza, shi ne amon da ke sukar kunne. Tsinin da ke motsi tare da hawa da saukar murya kuwa nata ne, ba a taɓa shi. Idan layi ya faɗi warwas bayan 4,000 Hz, baƙaƙe irin su “s” da “sh” sun dusashe. Kafin a rage tsini, a saurara. Kunne ke yanke hukunci.