Sarkin da ba shi da ma'adini: yadda ayarin gishiri ya ɗaukaka Daular Gana

A wata lacca da aka gabatar wa ɗaliban tarihi kan fataucin ƙetare Sahara, malamin ya soma da tambaya: ta yaya sarkin Gana ya yi suna da zinariya har Bagadaza, alhali ramukan zinariyar ba a hannunsa suke ba? Ganar da yake nufi ita ce tsohuwar daular Soninke, wadda masu ita ke kira Wagadu, a kudu maso gabashin Muritaniya da yammacin Mali na yau.

Amsarsa ita ce wurin zama. Ana haƙo zinariya a Bambuk, can kudu wajen kogin Senegal, gishiri kuwa daga hamada yake fitowa. Gana ta zauna a tsakani, daidai inda raƙumi ke sauke kaya jaki ya ɗauka. Duk mai son zinariya sai ya bi ta ƙofarta, haka ma mai son gishiri.

Malamin ya daɗe kan bayanin al-Bakri, wanda ya yi rubutu a Andalus a 1068 daga labaran fatake. A cewarsa, sarki na karɓar dinari 1 a kan kowane kayan jaki na gishiri da ya shigo ƙasar, da dinari 2 idan zai fita. Wato kaya guda da ya ratsa ƙasar ya bar dinari 3 a baitulmali. Kayan tagulla miskali 5 ake biya, na haja kuwa miskali 10. Ban da wannan fito, duk curin zinariya da aka samu na sarki ne, garinta kaɗai aka bar wa jama'a, don kada ta yi yawa a kasuwa darajarta ta faɗi. Da waɗannan kuɗaɗe sarki ya riƙe fada da mayaƙa, mayaƙan suka tsare hanya, tsaron kuma ya ƙara jawo ayari.

Me ya sa fatake suka jure wannan haraji? Don ribar ta fi shi nesa ba kusa ba. Malamin ya kawo shaidar Ibn Battuta, wanda ya bi ayari daga Sijilmasa a 1352, zamanin da Mali ta gaji Gana. Sun yi kwana 25 kafin su kai Taghaza, inda ake sare gishiri falle-falle, raƙumi ya ɗauki biyu. Wannan kaya ana sayar da shi miskali 8 zuwa 10 a Walata, amma a birnin Mali yakan kai 20 zuwa 30, wani lokaci har 40. Haɗarin ma ba ƙarami ba ne. Kafin Walata akwai tafiyar kwana 10 babu rijiya, don haka ayari kan ɗauki ɗan saƙo daga ƙabilar Massufa ya riga su isa, a fito a tarye su da ruwa. Idan ya ɓata a rairayi, ƙishirwa ta gama da ayarin. Wanda ya tsira daga wannan ba zai ƙi biyan sarkin da ya ba shi zango da aminci ba.

Fataucin ya shiga har tsarin mulki. Al-Bakri ya ce babban birnin gari biyu ne, mil 6 a tsakaninsu: na Musulmi mai masallatai 12, da na sarki, wanda ke kan addinin kakanninsa. Duk da haka tafintocinsa da ma'ajinsa da yawancin waziransa Musulmi ne, domin su ke da alƙalami da lissafi. Irin wannan hanya ce daga baya ta kawo Wangarawa Kano a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14.

Sai dai malamin ya ja kunne kada a ce ayari ne ya haifi daula. Tonon da aka yi a Jenne-jeno ya nuna mutane sun zauna can tun wajen shekara 250 kafin haihuwar Annabi Isa, har garin ya bunƙasa da cinikin cikin gida kafin zuwan Larabawa. Fatake sun tarar da sarauta, suka ƙara mata ƙarfi.

Ƙarfin nan kuwa yana da iyaka. Murabiɗawa sun ƙwace Awdaghust, babban zangon arewa, wajen 1055. Daga baya zinariyar Bure, kusa da mafarin kogin Kwara, ta ja kasuwa zuwa ƙasar Mandinka, inda Sunjata ya kafa Mali wajen 1235, ayari kuma suka koma sauka a Walata. Gana ba ta mallaki gishiri ba, ba ta mallaki ramukan zinariya ba, hanya kawai ta riƙe. Da madugai suka sauya hanya, fito ya yanke, ƙasashen da ke kai mata gaisuwa suka ɓalle ɗaya bayan ɗaya.