Malamin da ya yi rawa: tashe da tarbiyyar yara

Kafin Rupert East ya fitar da Six Hausa Plays a 1930, kafin Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa da ke koyar da tsafta, yaran ƙasar Hausa suna da dandalinsu na wasan kwaikwayo, wato tashe. Idan azumi ya kai kwana 10, da an sha ruwa sai su bi gida gida suna wasa, ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Ɗaliban da ke ɗaukar tarbiyya a waƙoƙin tashe a matsayin batun kundin kammala karatu sukan tattara baitoci, su jera darasi a ƙarƙashin kowane baiti. A ganina nan ne aikin ke karkacewa, domin darasin tashe yana cikin abin da ake aikatawa a gaban jama'a, baitocin rakiya kawai suke yi.

A dubi wasan Ka Yi Rawa. Yaro ne ke shigar malam: babbar riga, rawani, gemun auduga, allo a hannu. 'Yan amshi suna zarginsa da yin rawa, shi kuwa yana ta musu. Can sai ya ce bari ya gwada musu ɗan abin da ya yi don su tabbata ba rawa ba ce, yana cikin gwadawa sai ga shi yana tiƙar rawa, gida ya kaure da dariya. Wanda ya karanta baitocin a takarda gardama kawai zai gani. Wanda ya kalla kuwa ya ga mutumin da bakinsa ke faɗin abu guda, ƙafarsa na ƙaryata shi, kuma babu wanda ya tsaya ya yi wa yara wa'azi a kan fuska biyu. Haka 'yan mata ke kwaikwayon zaman aure a Ga Mairama Ga Daudu, ɗaya ta yi shigar miji, ɗaya ta amarya.

Akwai masu cewa wannan koya wa yara raina malamai ne, ko kuma bara ce aka yi wa ado. Zancen kuɗi gaskiya ne, har tashen yau a birane yakan zama tare masu mota kawai. Amma zargin raini bai tsaya ba, tunda ba karatun malam ake yi wa dariya ba, saɓa wa karatun ake yi wa. Inda masu suka ke da hujja shi ne tashen gwauro, wanda Nalako ke jagoranta a Kano, domin can mutum na gaske ake kunyatawa, ba mai kwaikwayo ba.

Saboda haka mai bincike ya fita unguwa da azumi, ya rubuta shiga da motsi da daidai inda aka yi dariya, sannan ya tambayi yaran da kansu wa suka ga an yi wa ba'a.